Darasi na Tara: Saita Agogon Hannu ga Dattijon da Idonsa Ya Yi Rauni

Agogon da muke nufi a wannan darasi shi ne mai fuskar gilashi irin ta waya, wanda ake haɗawa da waya, yana nuna kira da saƙo. 'Ya'ya kan aiko wa iyaye da shi, sai ya ƙare a cikin aljihu ko ƙarƙashin matashi, domin rubutun ƙanana ne, girgizarsa ba ta kai wa jiki, maganarsa kuma ba a san inda take ba. Duk ukun ana gyara su cikin kusan rabin awa.

Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ce wani dattijo ne a Argungu, shekarunsa sun doshi saba'in, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ɗansa ya aiko masa da Galaxy Watch4 na Samsung, wanda ya fito a 2021. Abu uku yake so: ya san lokaci, ya ji in an kira shi, agogon kuma ya tuna masa da maganin hawan jini safe da dare. Jikarsa ce za ta saita masa. Sunayen da ke kan fuskar agogo da Turanci suke, saboda haka mun rubuta su yadda za ku gan su. Sukan ɗan bambanta daga wani agogo zuwa wani, amma alamar saiti kusan ɗaya ce ko'ina: wani ɗan gare mai haƙora, sunansa Settings.

Kafin a taɓa komai

A yi caji agogon ya cika, a goge gilashin da ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu kan sa rubutu ya dushe, har a zaci laifin ido ne. Sannan a ɗaura agogon a hannun mai shi, ba a hannun mai saitawa ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Yarinya mai shekara ashirin za ta ce rubutu ya isa, girgiza ta yi ƙarfi, alhali ba idonta ko fatarta za su yi aikin ba. A canza abu ɗaya, a tambaya, sannan a wuce na gaba.

Girman rubutu

A shafa fuskar agogo daga ƙasa zuwa sama, a taɓa Settings, a nemi Accessibility. A cikinsa akwai sashen gani, wanda sunansa ya ƙare da kalmar enhancements, nan Font size yake. A zaɓi mafi girma tukuna. Sai jikar ta tura masa gajeren saƙo daga wayarta, ta ce, "Baba, ku karanta mini abin da ya fito." In ya karanta ba tare da ya kai agogon bakin hancinsa ba, an dace.

Akwai abin da za a lura da shi. Fuskar agogon ba ta kai faɗin murfin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, kuma zagaye ce. Da rubutu ya girma, kalma biyu ko uku kawai ke shiga layi, dogon suna kuma sai ya yanke. Idan an ajiye lambar ɗansa da "Alhaji Sani na Birnin Kebbi", farkon sunan kaɗai zai gani, kuma Alhazai sun yi yawa a wayarsa. Maganin abin a waya yake: a gajarta sunayen mutum biyar ko shida da suka fi kiransa, a mai da su Sani, Hajiya, Likita. Wannan gajartawa za ta sake yi mana amfani a gaba.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane: an ƙara girman rubutu amma lambobin lokaci ba su motsa ba. Ba lalacewa ba ce. Fuskar da ke nuna lokaci zane ce mai zaman kanta, Font size bai shafe ta ba. A danna yatsa a tsakiyar fuskar a riƙe har ta ja baya, sai a shafa gefe a zaɓi wadda ke da manyan lambobi farare a kan baƙi, ba allurai, ba ƙananan da'irori na bugun zuciya da yanayi. Fuska mai ado ba ta mai raunin ido ba ce. Mai yanar ido musamman, haske mai yawa yana watsuwa a idonsa, don haka farin bango yakan fi wahalar da shi ko da rubutun babba ne.

Daga nan a shiga Display. A ƙara haske, a gwada a tsakar gida da hantsi, ba cikin ɗaki kaɗai ba. A nemi Screen timeout kuma, wato tsawon lokacin da fuskar ke zama a kunne. Daƙiƙa 15 ba ta isar wanda sai ya ɗago hannu, ya gyara tabarau, ya nemo layin farko. A kai shi daƙiƙa 30 ko minti 1. Batir zai ɗan fi saurin sauka, amma irin wannan agogo dama kusan kullum ake masa caji, sai a tsayar da lokaci guda, misali bayan sallar isha'i.

Girgiza

Ga mai raunin ido, girgiza ta fi rubutu daraja, domin ita ce ke sanar da shi ba sai ya duba ba. A Settings a shiga Sounds and vibration. Da farko a tabbata ba a kan Mute yake ba, wato shiru gaba ɗaya. Sannan a shiga Vibration, a sa ƙarfin a mafi girma, a kuma zaɓi doguwar girgiza maimakon gajeriya. A ganinmu tsawon ya fi ƙarfin amfani: gajeriyar girgiza takan wuce yayin da mutum ke tafiya ko yana kan babur, doguwa kuwa tana jira har hankali ya kai gare ta.

In an yi haka duka Baba ya ce bai ji komai ba, kada a yi saurin zargin agogon. A duba maɗaurin. Abin da ke girgizar ɗan ƙaramin inji ne a cikin agogon, sai bayan agogon ya kwanta a kan fata motsin ke shiga jiki. Hannun tsoho ya rame, maɗauri yana lilo kamar munduwa, girgizar tana ƙarewa a iska. A matse shi rami ɗaya ko biyu, yadda ƙaramin yatsa zai shiga da ƙyar, a kuma ja shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. Kada a ɗaura shi a kan hannun riga. Wanda ya daɗe da ciwon suga, jin fatarsa kan ragu, sai a haɗa masa girgiza da ƙara, a kuma gwada ɗaya hannun.

Gwajin haka yake: a sa ƙararrawa ta buga bayan minti biyu, a ja shi da hira, kada a gaya masa lokacin. In ya katse magana da kansa ya ce, "Ga shi nan yana motsi," to saitin ya yi. Sai a sa na gaskiya, ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 8 na dare, ko yadda likitansa ya tsara, a zaɓi dukkan ranakun mako domin ya riƙa maimaitawa.

Saura wata matsala da ba ta bayyana sai bayan kwana biyu. Wayar Baba tana cikin zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci, kowane saƙo agogo ya girgiza. Kafin mako ya zagayo ya daina kulawa, har girgizar magani ta bi sahu. A buɗe manhajar Galaxy Wearable a waya, a shiga Notifications, a kashe kowace manhaja, a bar kira da saƙon tes. In kuma wata rana kira ya daina zuwa gaba ɗaya, a shafa fuskar daga sama zuwa ƙasa a duba ko hannu ya taɓa Do not disturb, saitin da ke hana agogo sanar da kira da saƙo. In ba shi ba ne, wayar ce ta yi nisa: Bluetooth ba ya wuce kimanin mita 10, katanga kuma tana rage shi. Waya a ɗaka, Baba a zaure, kira ba zai iso ba. Ƙararrawar da aka sa a cikin agogon kuwa za ta buga ko babu waya kusa.

Murya

Abu biyu ne ake kira da wannan suna, kuma haɗa su na kawo rikici. Na farko, agogon ya karanta maka abin da ke fuskarsa. Na biyu, kai ka yi masa magana ya aikata.

Na farkon shi ne TalkBack, yana cikin Accessibility. Da an kunna shi, yadda ake taɓa agogon ya canza: taɓawa ɗaya tana karanta abu ne kawai, sai an taɓa sau biyu da sauri yake buɗewa, shafawa sama ko ƙasa kuma da yatsa biyu ake yi. Wanda bai sani ba zai ɗauka agogon ya haukace, har ya kai wa mai gyara. Kashe shi ta hanyar da aka kunna ne, sai dai kowane mataki a taɓa sau ɗaya, sannan sau biyu. Ga dattijon misalinmu, wanda har yanzu yana ganin manyan lambobi, ba mu ba da shawarar kunna shi. Na wanda ganinsa ya kusa ɗaukewa ne, kuma sai an zauna da shi kwanaki ana koyo.

Na biyun ya fi sauƙi. A danna maɓallin sama na gefen agogo a riƙe, Bixby, manhajar Samsung mai karɓar umarnin murya, zai buɗe ya saurara. A karon farko zai nemi a shiga asusu a amince da sharuɗɗa, wannan aikin jikar ne. Bixby ba ya jin Hausa, amma ba sai Baba ya iya Turanci ba, jimla biyu sun ishe shi:

```
What time is it?
Call Sani
```

Ta farko tana tambayar lokaci, agogon ya faɗa da baki. Ta biyu tana kiran Sani. Ga amfanin gajarta suna: gajeren suna mai gaɓa biyu ya fi shiga kunnen agogon, kuma in Sani uku ne a waya zai tsaya tambayar wanne, Baba kuwa ba zai ga jerin ba. A bar Sani ɗaya tak. In ya ƙi gane wani suna bayan gwaji uku, a canza sunan, kada a tsaya gardama da na'ura.

A kawo agogon kusa da baki kamar taƙi ɗaya, a jira alamar saurare ta fito, a yi magana yadda aka saba. Ɗaga murya ba ya ƙara komai. In bai ji ba, a duba ko hannun babbar riga ya rufe ɗan ramin da ke ɗaukar sauti a gefe, ko ƙura ta toshe shi. A share da busasshen buroshi mai laushi, kada a zura allura. A kasuwa ko kusa da janareta sai an matsa gefe. Wani lokaci kuma data ce ta ƙare a waya, domin yawancin umarnin murya ta intanet suke bi.

Ƙananan agogon da ake sayarwa a shagunan waya na Gusau da Birnin Kebbi, da yawansu ba su da saitin girman rubutu, alamar muryarsu kuma aikinta kawai ta tayar da wayar. A irinsu abin da ya rage shi ne zaɓen fuska mai manyan lambobi, matse maɗauri, da rage saƙonni. Mai niyyar saya wa tsoho ya buɗe Settings a gaban mai shago ya gani da idonsa kafin ya biya.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ɗaura agogo ya rufe ido, ɗaya ya sa ƙararrawar minti biyu. A gwada da maɗauri sako-sako, a sake gwadawa bayan an matse shi rami biyu. Kowa ya rubuta a littafinsa a wane rami ya fara jin girgizar, da sunaye biyar da zai gajarta a wayar dattijon gidansu.