Bangon littafinka ya ƙi zama? Duba lissafin ƙashin bayan

Duk wanda ya taɓa ɗora littafi a Amazon KDP ya san haushin nan, ka gama wahala ka biya mai zane kuɗi, ka ɗora bango sai a dawo maka da shi wai girman bai yi daidai ba. Galibi zanen lafiyarsa ƙalau, inda aka kwafsa shi ne ƙashin baya, wato siririn gefen nan da ake hango sunan littafi idan an jera shi a kanta.

Bango fa falle ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, baya a hagu, ƙashi a tsakiya, gaba a dama, sai a bar rarar inci 0.125 a kowane gefe wadda injin yanka zai cinye (ita ce za ka ga an rubuta Bleed). Mu ɗauki littafi mai inci 6 da 9, shafi 240, a takarda mai ruwan madara. A KDP kowane shafi na wannan takardar kaurinsa inci 0.0025 ne, in ka ninka da adadin shafi sai ka samu faɗin ƙashin:

```
240 x 0.0025 = 0.6
0.125 + 6 + 0.6 + 6 + 0.125 = 12.85
0.125 + 9 + 0.125 = 9.25
```

Kenan faɗi 12.85, tsayi 9.25. Idan mai zanenka da fikzel yake aiki sai ya ninka da 300, wato fikzel 300 a kowane inci, ya ba da 3855 da 2775.

Kuskuren da ya fi kama mutanenmu shi ne rikita shafi da falle. Falle ɗaya shafi biyu ne, gaba da baya, to sai wani ya ce ai bari in raba 240 gida biyu tukuna, ya samu 0.3, bangon ya fito 12.55 kuma KDP ta ƙi karɓa. Kar ka raba, lambar nan tasu ta shafi ce. Amma idan a gida za ka buga, a Kano ko Zariya misali, lissafin ya juya, don mai maɗaba'a da kaurin falle yake magana, takarda mai giram 80 tana kai wajen milimita 0.1 kowane falle, shafi 240 falle 120 kenan, wajen milimita 12. Shi ma ƙiyasi ne, don takarda suna ta tara. Ni dai abin da nake yi yanzu sai in je wurinsu a ƙirgo min falle 120 na ainihin takardar da za a buga min, in matse da yatsu in ɗora rula. Na koyi haka ne bayan wani bugu da na kai lambar kaurin takarda da na samo a intanet aka yi min aiki da ita, da littattafan suka iso sai ga rabin sunana ya leƙo ta gaban bango, kwafi ɗari biyar wallahi, haka na dinga sayarwa ina sunkuyar da kai.

Sai kuma gaggawa. Mutum ya duba ƙasan Word ya ga shafi 180 a girman A4 ya tura wa mai zane, alhali idan aka tsara shi a inci 6 da 9 zai kumbura sosai. Adadin da ake so shi ne na PDF ɗin ƙarshe, har da sadaukarwa da godiya da shafukan da aka bari fanko. Kuma in ka ƙara babi daga baya, to bango ma sai an sake shi.

Canza takarda ma haka. Farar takarda a KDP 0.002252 ce, shafi 240 zai ba ka 0.54 maimakon 0.6. Bambancin inci 0.06 kamar ba komai ba, amma ya isa ya sa layin ninki ya goce.

Rubutun jikin ƙashin kuma kar ka cika shi fal. Bar inci 0.0625 kowane gefe saboda inji yana ɗan gocewa, a misalinmu 0.475 kaɗai ya rage wa haruffa. Littafin da bai kai shafi 80 ba ma ka haƙura da rubutu a wurin. In da hali ka sa kalar ƙashin ta zama ɗaya da ta baya ko ta gaba, ko an goce kaɗan ba mai ganewa.

A ƙasan baya ta dama ka bar fili inci 2 da 1.2 saboda lambar bakod, kar a ɗora ta a kan hotonka. Kafin ka tura, shiga Cover Calculator na KDP ka sa girma da takarda da adadin shafi, ka sauke samfurin ka shimfiɗa zanenka a kai, in layukan ninki ba su hau kan naka ba ka koma ka sake ƙirga shafukan PDF ɗin.