Inshorar Shagon Gyaran Gashi: Inda Masu Salun Suke Yin Tuntuɓe

Yawancin masu salun da suka yi inshora suna ɗauka cewa takarda ɗaya ta rufe musu komai. Ba haka abin yake ba. Gobara da takardarta, sata da tata, raunin kwastoma da tasa, lalacewar na'ura ma daban. Ko an haɗa miki su a kunshi ɗaya, kowanne da sharuɗɗansa, kuma sai ranar da aka je neman diyya ake gane abin da aka bari a baya.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne rage darajar kaya don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce kina da shago a Zoo Road a Kano. Kujeru, madubai, diraya, sitima, janareta da kayan gashin da ke jere a kan kantar shagon, idan za ki sake sayensu yau, naira miliyan 6 ne. Amma kin rubuta miliyan 3, farashin shekaru uku da suka wuce. Wuta ta tashi ta cinye kayan miliyan 2. Za ki ce ai miliyan 2 bai kai miliyan 3 ba, za a biya ki cif. A'a. A takardun gobara akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya yi wa rabin dukiyarsa inshora, rabin asararsa za a biya shi. Ke nan miliyan 1 ne naki. Daga ciki kuma za a cire kason da kika amince za ki ɗauka da kanki a kowace asara, a ce dubu 100. Dubu 900 za ki riƙe, ga shago a ƙone. Wannan abu yana ba ni takaici, domin gyaransa bai wuce zama na yini ɗaya ba: duk lokacin sabunta takarda, ki lissafa kayanki da farashin kasuwa na ranar, ki ɗauki hotunansu da na rasit, ki ajiye a wani wuri da ba shagon ba. Kada kuma ki dogara da inshorar mai gida, gininsa ya kare, ba kayanki ba.

Sai sata. Takardar da aka saba sayarwa tana biya ne idan an shiga ko an fita da ƙarfi: an fasa ƙofa, an yanke kwaɗo, an ɓula rufi. Idan wata ta shigo da rana kamar mai jiran layi ta zare gashin kanti mai tsada ta sa a jaka, ko yarinyar shago mai riƙe da makulli ta kwashe ciniki, wannan takarda ba ruwanta. Ha'incin ma'aikaci da tsabar kuɗi kowanne da kariyarsa ta daban. In kuwa an fasa, kada ki yi gaggawar kiran mai walda. Ɗauki hoto, kai rahoto ga 'yan sanda, ki sanar da kamfanin nan take.

A wajen raunin kwastoma ne na fi son a natsu. Akwai bambanci tsakanin matar da santsin tayil ya kwashe ta ta karye, da wadda man rilaksa ya ƙona mata fatar kai, ko baƙin lalle mai haɗin rini ya sa hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje ana saura kwana biyu biki. Ta farko haɗari ne a cikin shago. Ta biyu kuwa aikin hannunki ne ya jawo, kuma takardar haɗarin jama'a, wadda ke biyan irin haɗarin ta farko, sau da yawa tana cire shi ƙarara. Ki sa a rubuta miki ayyukanki ɗaya bayan ɗaya: rini, rilaksa, lalle, dilka, halawa, har da zuwa gida yi wa amare. Wasu kamfanonin suna sharɗanta a gwada rini a bayan kunne awa 48 kafin aiki, don haka ki buɗe littafin da ake rubuta gwajin. Mun saba da ba da haƙuri, kuma ya dace ki kai mai rauni asibiti, amma kada ki sa hannu a kan alkawarin diyya kafin kamfanin ya sani, domin hakan na iya ɓata miki haƙƙinki.

Dirayar da ta ƙone don an kawo wuta mai ƙarfi ba gobara ba ce a wurin kamfanonin inshora. Tana buƙatar kariyar lalacewar na'ura, ita ma ba ta biyan tsufa ko rashin sabis.

Mai shakka kan inshora saboda addini tana da takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, sai dai waɗannan sharuɗɗa suna nan a can ma. Ko wanne kika zaɓa, ki tabbatar yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ki zuba kuɗin a asusun kamfanin ko na dillali mai rajista, ki karɓi rasit. A Najeriya kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin.