Yadda ake karanta hoton jadawalin kyandir, da abin da ba zai faɗa maka ba

Idan aka turo maka hoton allo mai ɗauke da kyandirori kore da ja, kada ka fara da kallon kibiyar da mai hoton ya zana. Ka fara duba can sama ta hagu, inda aka rubuta sunan abin da ake ciniki da kuma lokacin da kowane kyandir yake wakilta. A manhajar ciniki ta MetaTrader za ka ga abu kamar EURUSD, H1. Wato farashin yuro ne a dalar Amurka, kuma kowane kyandir awa ɗaya ne. M5 minti biyar ne, D1 yini guda. Hoton da aka yanke wannan wajen, ka ajiye shi gefe, domin tashin da ya cika ido a M5 ƙila ko alamarsa ba za ka gani a D1 ba.

Daga nan sai ka ɗauki kyandir ɗaya ka karanta shi a tsanake. Lambobi huɗu ne kacal a cikinsa, waɗanda allo ke nunawa da O, H, L, C: farashin buɗewa, mafi tsada, mafi araha, da na rufewa. Jikin kyandir shi ne tazarar da ke tsakanin buɗewa da rufewa, siraran layukan sama da ƙasa kuwa lagwani ne, suna nuna inda farashi ya kai ya dawo. Galibi kore na nufin an rufe sama da inda aka buɗe, ja kuma akasin haka, amma ana iya sauya launi, a kasuwannin Sin ma ja ne alamar tashi.

Mu ƙaddara wani kyandir na awa ɗaya ya buɗe a 1.0850, ya sauka har 1.0810, ya taɓa 1.0862, ya rufe a 1.0858. Idan aka ɗauki kowane 0.0001 a matsayin maki ɗaya, jikinsa maki 8 ne, lagwanin sama maki 4, na ƙasa kuwa maki 40. Labarin da yake bayarwa shi ne masu sayarwa sun danno farashi ƙasa sosai, masu saye suka mayar da shi kafin awar ta cika. Irin wannan ake kira guduma idan ya zo bayan doguwar faɗuwa. Sai dai lura, kyandir ɗin bai gaya maka wanne ya riga faruwa ba, hawan ko saukar, bai kuma gaya maka dalili ba. Ƙila wani babban banki ne ya saya sau ɗaya ya yi gaba.

Yanzu duba lambobin gefen dama. Manhaja tana miƙe jadawali ya cika allo, don haka motsin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba zai iya bayyana kamar faɗowa daga dutse. Ka lissafa da kanka: daga 1.0862 zuwa 1.0810 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kyandir na ƙarshe kuma, kada ka yanke masa hukunci, domin ƙila bai rufe ba lokacin da aka ɗauki hoton, guduma da ƙarfe goma da rabi tana iya zama dogon ja kafin sha ɗaya.

Abin da ya fi damuna da waɗannan hotuna shi ne wanda ya turo shi ne ya zaɓi inda zai yanke. Ya nuna maka gudumar da farashi ya tashi bayanta, bai nuna maka waɗanda farashi ya ci gaba da zubewa bayansu ba, kuma a kan haka matasa ke zuba jarin da suka sha wuya kafin su tara. Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Buɗe jadawalin da kanka, koma baya wata shida, rufe ɓangaren dama da takarda. Duk inda ka ga guduma, rubuta hasashenka, sannan ka janye takardar. Ka ƙirga wanda ka dace da wanda ka kuskure, ka kuma cire ratar da dillali ke ci tsakanin farashin saye da na sayarwa, domin ita ma daga aljihunka take fita.

Akwai kuma abin da babu kyandir ɗin da ke hangowa, wato shawarar hukuma. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya kafa wa yuro a kan kuɗin ƙasarsa, wato faran, ba zato, cikin mintuna yuro ya rikito, 'yan kasuwa da dama suka yi asarar da ta wuce abin da ke asusunsu. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala a kasuwar hukuma ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 600 a yini ɗaya. Don haka kafin ka sa ko kobo, nemi ranar da aka ɗauki hoton, ka duba ko akwai sanarwar kuɗin ruwa ko rahoton ribar kamfani da ke tafe, ka kuma tsayar da farashin da za ka fita idan kasuwa ta juya maka baya.