Fayil ya isa amma babu komai a ciki: kurakuran da aka fi yi

Ƙanena da ke Aboabo a Kumasi ya tura wa yayanmu a Nima ta Accra lissafin buhunan goro ta imel. Can sai ga kira: "Kai, farar takarda ka aiko mini?" Ya ce, "Wallahi Yaya, ga rubutun ina kallonsa a gabana." Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Ga abin da ya faru. Ya danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, ya zaɓi `New`, ya ƙirƙiri takardar Word. Irin wannan fayil yana fitowa ne da nauyin `0 KB`. Ya buɗe, ya yi rubutu shafi biyu, bai adana ba, ya koma imel ɗinsa ya liƙa shi. Imel ba ya ɗaukar abin da ke kan allo, abin da aka adana a cikin na'ura yake kwafa, don haka fanko ya tafi Accra. Adanawa daga baya ba ta gyara wanda aka riga aka liƙa. Sai dai ka danna `Ctrl+S`, ka rufe takardar, ka cire tsohon, ka sake liƙawa.

Shi ya sa nake naci a kan duba nauyi, domin sunan fayil ba ya nuna ko akwai abu a ciki. Kafin ka tura, duba `Properties`. Takardar Word mai rubutu, ko layi ɗaya ne, tana wuce `10 KB` a galibi. In ka ga sifili, tsaya. In ka ga `1 KB` ko `2 KB` da ɗan kibiya a jikin hoton fayil ɗin, gajerar hanya ce ka ɗauko, ainihin takardar tana wani wuri.

Kuskure na biyu gaggawa ce. Sabis ya yi rauni, mutum ya danna tura ya kashe data, saƙon ya maƙale a `Outbox`, wurin saƙonnin da ba su fita ba.

Na uku ya fi cin mutane lokacin tura hotuna da bidiyo. Gmail ba ya liƙa abin da ya haura `25 MB`, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive. In izinin yana kan `Restricted` kuma ba a sa adireshin mai karɓa ba, neman izini kawai zai gani. Kai kuwa yana buɗe maka lafiya lau, tunda naka ne. Ka saka adireshinsa, ko ka zaɓi `Anyone with the link` in ba takardar sirri ba ce.

Tabbatarwa ba ta cin minti biyu. Shiga `Sent`, sauke fayil ɗin daga can, buɗe shi, ka gwada nauyinsa da na asali. Mahaɗi kuma ka gwada shi a tagar `Incognito`, inda Google bai san kai ba ne; wanda ka ware wa mutum ɗaya ba zai buɗe a nan ba, sai shi ya gwada. Kuma kada ka tambayi mai karɓa "ya shigo?" Ka ce ya karanto maka layin ƙarshe. Da ƙanena ya sake turawa, Yaya ya karanto jimillar buhunan daga Nima, ta yi daidai.