Ƙaɗa'a a Ma'aunai Goma: Inda Ɗaliban Sarfu Suka Fi Tuntuɓe

Ɗalibin Larabci yakan haddace ma'aunan fi'ili tun daga fa'ala har istaf'ala, amma da ya shiga jimla sai ma'ana ta kufce masa. Lissafin kansa ba wuya: mujarradi ɗaya, uku masu ƙarin harafi ɗaya, biyar masu ƙarin biyu, sai istaf'ala mai ƙarin uku. Bari mu ɗauki saiwa ɗaya, Ƙ-Ɗ-', wato ƙaɗa'a, ya yanke, mu bi ta. A nan wasali biyu, kamar aa, yana nufin a ja sauti.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar shadda a matsayin ado. Ƙaɗa'a yanka ɗaya ne, ƙaɗɗa'a kuwa yawaita yankan ne. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, domin muna da yanka da yayyanka. A Suratu Yusuf, aya ta 31, an ce matan nan "ƙaɗɗa'na aidiyahunna", suka yayyanke hannayensu. Wanda ya fassara da "suka yanke hannayensu" ya zubar da aikin shaddar, har mai sauraro ya zaci gundule hannu aka yi.

Daga nan sai rikicin da na fi gani a takardun ɗalibai, wato haɗa inƙaɗa'a da majahuli. Ƙuɗi'al hablu na nufin an yanke igiya: akwai wanda ya yanke, ba a dai ambace shi ba. Inƙaɗa'al hablu kuwa igiya ta tsinke, magana ce kan abin da ya sami igiyar, ba ruwanmu da mai aikin. Shi ya sa hadisin da ke cewa aikin mutum yana yankewa in ya mutu, sai abu uku, ya zo da inƙaɗa'a. Malaman sarfu na kiran wannan muɗawa'a, karɓar tasirin aiki, kuma kowane ma'auni da abokinsa. Ƙaɗa'a na tafiya da inƙaɗa'a, ƙaɗɗa'a na tafiya da taƙaɗɗa'a, ya yayyanke. Gwajin mai sauƙi ne: infa'ala ba ya ɗaukar maf'uli. In ka ga ka rubuta inƙaɗa'a sannan ka kawo abin da aka yanka da fataha, jimlar ta karye.

Ƙaaɗa'a da taƙaaɗa'a ma ana cakuɗa su, saboda an koya wa ɗalibi cewa duka biyun tarayya ce. Bambancin yana ga ginin jimla. A ƙaaɗa'a mutum ɗaya ne fa'ili, ɗayan maf'uli: ƙaaɗa'a Zaidun Amran, Zaidu ya ƙaurace wa Amru, ko ya katse masa magana. Daga nan muƙaaɗa'a ta fito, ƙaurace wa kaya ko zaɓe. A taƙaaɗa'a dukansu fa'ilai ne: taƙaaɗa'a Zaidun wa Amrun, sun yanke hulɗa da juna. Hanyoyi biyu ma in suka ratsa juna haka ake cewa.

Wanda ya fi haɗari, a ganina, shi ne yarda cewa ma'auni kaɗai zai ba ka ma'ana. An ce af'ala na sa wani ya yi aiki, sai ɗalibi ya ga aƙɗa'ahu ardan ya ce "ya sa shi ya yanke ƙasa". Abin da ake nufi shi ne shugaba ya yanka masa fili ya ba shi. Istaf'ala neman abu ne, don haka istaƙɗa'a a tsofaffin littattafai roƙon irin wannan fili ne, amma a Larabcin ofis na yau cire wani kaso ne daga albashi, kusa da iƙtaɗa'a, ya gutsuri wani ɓangare ya ɗauka. Ma'auni yana nuna maka inda za ka dosa, ƙamus ne ke tabbatarwa.

Kada kuma a tilasta wa saiwar nan ma'auni na tara. If'alla na launi ne da nakasa, kamar ihmarra, ya yi ja, da i'wajja, ya karkace. Ƙaɗa'a ba ta da shi, kuma yawancin saiwoyi ba sa cika ko tara ɗin da ta samu.

Saura wasalin mudari'i. Duk madin da haruffansa huɗu ne, mudari'insa da rufu'a yake farawa: yuƙaɗɗi'u, yuƙaaɗi'u, yuƙɗi'u. Sauran da fataha, in ba majahuli ba ne: yaƙɗa'u, yanƙaɗi'u, yastaƙɗi'u. A rubutu mara wasali, yaƙɗa'u yana yanke abu, yuƙɗa'u ana yankewa, da yuƙɗi'u yana ba da fili, duk sura ɗaya ce, sai ka duba fa'ili da maf'uli kafin ka furta.