Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin rodin dakin

A ɗauki dakin, wato rufin kankare, mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, wanda zanen injiniya ya ce a sa masa rodi mai kaurin milimita 12. Gajerun rodi, waɗanda ke ƙetare faɗin, za a jera su da tazarar milimita 150, dogayen kuma da tazarar milimita 200, sannan a bar milimita 25 a kowane gefe domin kankare ya rufe bakin ƙarfen.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne raba tazara da ɓangaren da ba nata ba. Gajeren rodi tsawonsa na bin faɗin ɗaki ne, amma jera shi ana yi ne a kan tsawon ɗakin, saboda haka mita 6 za a raba da tazararsa. Idan aka cire milimita 50 na gefuna biyu, saura 5,950, wanda in aka raba da 150 zai ba da 39.67. Ana ɗaga wannan zuwa 40, domin rage shi na buɗe tazarar fiye da yadda zane ya yarda. Sai dai 40 ɗin adadin gibin da ke tsakanin rodi ne, don haka dole a ƙara ɗaya, wato rodin da aka fara jeri da shi, su zama 41. Mantawa da wannan ɗayan shi ne kuskure na biyu, kuma ba a gane shi sai jeri ya iso bango. Dogayen ma haka ne: 3,950 a raba da 200, a ɗaga zuwa 20, a ƙara ɗaya, su zama 21.

Wanda ya musanya tazarar zai sami gajeru 31 da dogaye 28. Abin da ke ɓoye wannan kuskure shi ne jimillar ba ta canzawa sosai, domin lissafi na daidai yana ba da kusan mita 287 na ƙarfe, na kuskuren kuma kusan 289. Mai gida zai ga rodi ya isa har an ɗaure, alhali gajerun, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi kuma su ake shimfiɗawa a ƙasa, sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kafin a zuba kankare a ɗora tef a kan jerin gajerun, a ƙirga: kowace mita ya kamata ta ƙunshi rodi shida zuwa bakwai, in an ga biyar an sauya.

Sai kuskuren da ke cin kuɗi, wato raba jimillar mitoci da 12, tsawon sandar rodi, a tafi kasuwa da wannan adadin. Mita 287 za ta nuna sanda 24, amma ƙarfe yanka shi ake yi. Sanda ɗaya na fitar da gajeru uku masu mita 3.95, ko dogaye biyu masu mita 5.95, don haka ana buƙatar 14 da 11, jimilla 25. Bambancin ya fi fitowa idan zane ya ce a lanƙwasa kowane baki da milimita 100. Gajeren ya koma kusan mita 4.15, uku ba za su ƙara fita daga sanda ba, dogon kuma ya koma 6.15, ɗaya kaɗai zai fita. Rabawa da 12 zai ce 25 ya isa, amma mai ɗaurin rodin da ya yanka kowane iri daban zai cinye sanda 42. Gyaran yana cikin tsarin yanka: ragowar mita 5.85 da ke saura bayan kowane dogo tana fitar da gajere ɗaya, wato an sami 21, sauran 20 kuma su fito daga sanda 10, jimilla 31. A ganina, bai dace abin yanka ya taɓa ƙarfe ba sai an rubuta wannan tsari a takarda. Guntayen mita 3.7 da suka rage suna iya shiga rodin sama da ake sawa a kan bango da bim, wanda lissafinsa daban ne kuma shi ma ana yawan manta shi.

Duk wannan ya dogara ne ga sanda ta cika mita 12, kuma ba kullum take cika ba. Gajeru uku na cin mita 11.85, ke nan sandar da ta gaza da taƙi ɗaya, gajeru biyu kawai za ta bayar. Saboda haka a auna sanduna biyu ko uku a shagon kafin a loda, a kuma ɗora ɗaya a sikeli, domin cikakkiyar sanda mai milimita 12 nauyinta kusan kilo 10.7 ne, kuma wadda ta gaza haka sosai ko dai gajeriya ce ko siririya.