Yadda ake ɗaukar hoton caja don kada a aiko maka da wadda ba ita ba

Makon jiya ƙanina ya tura wa wani mai shago a titin Beirut da ke Kano hoton cajar kwamfutarsa ta HP da ta ƙone, ya ce a aiko masa da irinta Hotoro. Cajar da ɗan saƙo ya kawo ta shiga ramin daram, amma kwamfutar ta riƙa nuna gargaɗin cewa ƙarfin wutar ya yi kaɗan, batirin kuma da kyar yake hawa. Da na duba hoton da ya tura, sai na ce masa kada ya ga laifin mai shago. Da daddare ya ɗauka, da fitilar waya, hasken ya faɗa daidai kan layin da ake buƙata.

Ga inda gizo ke saƙar. HP tana da caja mai wat 45 da mai wat 65, kuma a ido kusan Hassan da Hussaini ne, dukansu baƙaƙe, ana kuma samun dukansu da siririn baki mai shuɗi. Abin da ya raba su yana cikin ƙaramin rubutun da ke jiki, a layin OUTPUT. Ta farko 19.5V 2.31A, ta biyu 19.5V 3.33A. In hoto ya yi dishi-dishi, 2 da 3 sai su koma abu ɗaya, mai shago kuwa ga ciniki ya taso masa, zai yi kintace ne kawai ya miƙa wadda ta fi kusa da hannunsa.

Yanke hoto ma haka yake jawowa. Mutane sukan ɗauki kan cajar su bar bakinta a waje, alhali HP tana da babban baki mai kaurin milimita 7.4 da siriri mai 4.5. Rubutu zai iya zama iri ɗaya, baki ya bambanta.

To, fara da goge gilashin kyamara da gefen rigarka. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu su ne rabin dishi-dishin da ake ɗora wa waya laifinsa.

Sai ka fita da cajar inda hasken rana yake, amma a inuwa, kamar bakin zaure ko kusa da taga. Dalili shi ne, a duhu kyamara takan daɗe tana tattara haske, kuma a wannan ɗan lokacin ko yaya hannu ya motsa rubutu zai jirkice. Kashe fitilar kyamara, domin takardar jikin caja tana da sheƙi, haske yakan dawo ya shafe lambobi. Ajiye cajar a kan farar takarda, kada ka riƙe ta a hannu.

Kada ka cusa wayar a jikin rubutun. Yawancin wayoyi ba sa iya saita gani in abu ya matso ƙasa da kamar santimita 10. Ja baya kamar kamun hannu ɗaya, ka taɓa allo daidai kan rubutun, ka jira ya washe, sannan ka danna. Jingina gwiwar hannu a kan tebur yana taimakawa sosai. Jawo hoto da yatsu biyu kuwa, a yawancin ƙananan wayoyi kumbura shi kawai yake yi, ba ya ƙara masa komai.

Hoto huɗu nake turawa. Na farko cajar gaba ɗayanta tun daga kai har baki. Na biyu rubutun jikinta, kusurwoyi huɗun takardar duk a ciki, kada a gutsure ko layi ɗaya, tunda ba ka san wanda mai shago zai nema ba. Na uku bakin cajar, ana kallon cikinsa, da rula a gefe ko biro in babu rula, don a gane kaurinsa. Na huɗu ƙasan kwamfutar, inda aka rubuta samfurinta da irin wutar da take ci. Wannan na ƙarshen shi ke ceto in rubutun cajar ya goge, ko kuma dama can cajar da kake amfani da ita ba tata ba ce.

Kafin ka tura, buɗe hoton ka faɗaɗa shi ka karanta lambobin da kanka. In sai ka yi ƙanƙance ido kafin ka gane, sake ɗauka.

Saura WhatsApp, wanda yake matse hoto ya rage masa kyau don ya tafi da sauri. Danna HD kafin ka tura, ko ka tura shi ta Document. Kada ka tura hoton allo na wani hoton, ko wanda ya zagaya hannu uku. Daga nan ka rubuta a ƙasa: "Alhaji, 19.5V 3.33A ce, mai shuɗin baki. Don Allah a turo min hoton wadda za a ba yaro kafin ya taso." Ƙanina da ya yi haka, kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa kawai ya yi asara, aka canza masa.